Kashi Sittin da Uku na Imoru

In ka bi ta bayan kasuwar Aboabo, inda masu babur ke ajiye baburansu a karkace su toshe wa jama'a hanya, za ka ga wani shagon kwantena mai shuɗin fenti. Na Imoru ne. Shekara goma sha tara ke nan yana wurin yana buga wa mutane takardu: wasiƙar neman aiki, yarjejeniyar haya, katin suna, sanarwar addu'ar kwana arba'in, da kuma takardar tarihin aiki, wadda kowa a Tamale ke kira sibi. Mutum ne gajere mai ɗan tumbi, kullum da biro a bayan kunne, ko da yake rabonsa da rubutu da biro an jima. Yana buga kwamfuta ba ya duban yatsunsa, kuma yana so ka lura cewa ba ya duba.

Ba shi ya kai kansa wannan matsayi ba, kuma shi ma ba ya musun haka. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara bakwai. Ubansu tela ne, mutumin kirki, amma tukunyar tuwo ko inda ake ajiye ta bai sani ba. Yayarsa Mulikatu, wadda ta girme shi da shekara tara, ita ta ajiye makaranta ta riƙe gidan. Da sassafe take hawa motar ƙauye zuwa rugagen da ke bayan Sagnarigu ta saro nono, ta dawo ta dama fura ta sayar a bakin tasha. A can ta tsinci Fulatanci a bakin matan ruga, har ta iya tsokanarsu da shi. Da kuɗin furar nan ta kai Imoru wajen wani tsoho mai tafireta a kusa da kotu, ta ce a koya masa sana'ar da ba a tsayuwa a rana. Ita kuwa sai bayan ta yi aure ta haifi biyu sannan ta koma makarantar manya ta yamma, ta kai inda za ta karanta Turanci ta kuma rubuta shi, a hankali dai, tana motsa leɓe.

Abin da ya ɗaga sunan Imoru a Aboabo sibi ne. Tamale gari ne na ƙungiyoyin agaji, ko'ina ka waiwaya farar mota ce mai tambari a ƙofa, kuma duk mai ɗan ilimi burinsa ya shiga ɗaya. Tun shekarun baya wani direban ƙungiya ya zo yin kwafi, ya gaya wa Imoru cewa manyan ofis ba sa karanta labari, lamba suke nema. Maganar tana da rabin gaskiya, domin wanda ke da lambar gaske ai ya kamata ya faɗe ta. Imoru sai ya ɗauki ɗaya rabin ya mayar da shi jari. Mai gadin sito zai zo ya ce shi dai a shekara huɗunsa ba a taɓa sata ba, sai ya fita da takardar da ke cewa ya rage ɓatan kaya da kashi talatin da takwas cikin ɗari. Har ƙa'ida gare shi, wadda yake faɗa wa abokai yana dariya: kada ka taɓa sa hamsin, kada ka sa sittin, lamba mai santsi ba ta kama ido. Sa arba'in da bakwai, sa sittin da uku, sai mai karatu ya ɗauka an zauna an yi lissafi. In ya gama kuma sai ya zaunar da mai takardar ya haddace masa lambar, ya koya masa abin da zai ce in an tambaye shi.

Ni dai ban taɓa ganin ƙarya mai tsafta irin ta Imoru ba, ga layi a miƙe, ga haruffa ɗas. Shi kuwa bai taɓa kiranta ƙarya ba, gyara yake cewa. A tsallaken titi akwai wata mai irin sana'arsa, Zuleiha, wadda abin da ka kawo shi take bugawa, in ta ga wuri babu komai ta tambaye ka, in ka ce ba ka sani ba ta bar shi haka. Imoru yakan ce takardun Zuleiha miya ce babu gishiri, kuma ya sha faɗin haka a gaban yayarsa.

Mulikatu tana da shekara arba'in da 'yan kai sai wata ƙungiya ta zo da shirin tsaftar nono, suna neman mace mai Fulatanci da Hausa da Dagbani, yaren garin, wadda matan ruga ba za su gudu in sun hango ta ba. Aka ce ai ga mai fura. Shekara biyar ta yi tana bin rugage tara, rani da damina. Aikin ba mai daɗin faɗa ba ne. A wanke hannu da hantsar saniya kafin tatsa, a tace nono da ƙyalle mai tsafta, a daina zuba shi a jarkar roba mai ƙaramin baki wadda hannu ba ya shiga a wanke cikinta, a koma garwar alminiyam mai faɗin baki. Mafi wuya shi ne saniyar da aka yi wa allurar magani: nononta ba na sayarwa ba ne sai kwanakin da likitan dabbobi ya ɗiba sun cika. Gaya wa mace ta zubar da nonon kwanaki ba ƙaramin abu ba ne, Mulikatu ta sha baƙar magana a kai.

Da shirin ya ƙare aka sallame su da takardar godiya da hoto. Sai dai tun farko babu wanda ya auna komai. Ba a gwada nonon kafin a fara ba, balle a kwatanta da na ƙarshe. Ba a rubuta yawan wanda ke lalacewa ba, ba a tambayi matan abin da suke samu a wata ba. Abin da ofis ke ƙirgawa kawai shi ne taro nawa aka yi da mutum nawa suka zauna a tabarma. Ta dawo gida ta zauna wata bakwai. Mijinta ciwon ƙafa ya raba shi da tuƙi, ita kuma gwiwoyinta ba za su sake ɗaukar tsayuwar bakin tasha ba. Sai ga sanarwa: wata ƙungiyar daban, mai ofis a Jisonayili, tana neman jami'ar fili a harkar nono, kwantiragin shekara uku. Duk wanda ya karanta sanarwar ya ce kamar an auna Mulikatu ne aka ɗinka.

Ranar Talata da hantsi ta zo shagon, ta ciro falle biyu na littafin makaranta daga jaka, ta shimfiɗa a kan teburinsa.

"Imoru, ga shi na rubuta. Turancin ne za ka miƙe mini, ka san nawa karkatacce ne."

"Yaya, zauna mana, a kawo miki ruwa."

"Ba zama zan yi ba, na bar wake a wuta. Ka buga shi yadda yake, gobe ne ranar ƙarshe."

Ta sa hannu a fom ɗin ƙungiyar, a ƙasan layin da ke cewa duk abin da ke cikin takardun nan gaskiya ne. Ba ta jira ta ga takardun ba. Tun yana koyon tafireta shi ke buga mata komai, kuma ba ta taɓa karanta aikinsa a bayansa ba. Idonta ma ya fara gajiya da ƙananan haruffa, tana ta cewa za ta yi tabarau ba ta yi ba.

Da ta tafi ya karanta fallen. Ta rubuta cewa ta yi aiki da rugage tara. A shekarar farko maza a rugage huɗu sun hana ta magana da matansu, a shekara ta uku su ke aiko a kira ta. Ta rubuta cewa Hajiya Sherifa, mai yin yogot a Jisonayili, ta daina sayen nonon rugagen nan tun kafin shirin ya zo, saboda yana tsinkewa a wuta, wani lokaci kuma yogot ɗin ya ƙi kamawa. Yanzu shekara uku ke nan Hajiya na saye daga rugage bakwai, ga lambar wayarta. Ta rubuta cewa da ta ga matan na manta wace saniya aka yi wa allura, musamman in 'yar gida ce ta yi tatsar ranar, sai ta kawo dabarar ɗaura jan ƙyalle a ƙahon saniyar, ba a kwance shi sai kwanakin sun cika, kuma har yau suna yi ba tare da ita ba. A ƙarshe ta rubuta cewa rugage biyu sun ƙi, har aka rufe shirin ba ta shawo kansu ba, kuma babu wanda ya auna nonon, don haka ba za ta iya cewa ga yawan abin da ya ragu ba.

Imoru ya girgiza kai. Jan ƙyalle a ƙahon saniya, a takardar da za ta je gaban masu digiri? Kuma wace irin mai neman aiki ce ke kai ƙarar kanta da kanta? Tausayinta ne ya kama shi, wannan gaskiya ne, ba zan hana shi ita ba. Ya tuna ta tana saukowa daga motar ƙauye da ƙwarya a ka, ya ce a ransa yau ce ranar da zai saka mata. Ya share jan ƙyallen, ya share Hajiya Sherifa da lambar wayarta, ya share rugage biyun da suka ƙi. A gurbinsu ya buga cewa ta rage lalacewar nono da kashi sittin da uku cikin ɗari, ta kuma ƙara kuɗin shigar mata ɗari huɗu da goma sha biyu da kashi arba'in da ɗaya. Ya karanta ya ji daɗi. Ya haɗa da fom ɗin da ta sa wa hannu, ya tura ta imel kafin azahar, ya jefa fallen nata biyu a cikin aljihun tebur.

Saura abu ɗaya, wanda yake yi wa ko wane baƙo da ya shigo shagonsa: ya zaunar da ita ya gaya mata lambar. A nan ne ƙafarsa ta yi nauyi. Ya san yayarsa. Mace ce da tun tana sayar da fura in nono ya kwana sai ta gaya wa mai saye ya kwana. In ya gaya mata, ba haddacewa za ta yi ba, cewa za ta yi a janye takardar, ga shi kuma gobe za a rufe karɓa. Ya ce bari a ga ko za a kira ta tukuna. Bayan mako uku aka kira ta intabiyu, ta zo shagon tana murna har da kawo masa tuwo da miyar ayoyo a kwano.

"Ka rubuta duk abin da na ce ko?" ta tambaye shi yana cikin ci.

"Na ɗan gyara shi kaɗan, Yaya."

"To, Allah ya yi maka albarka. Ai na san hannunka."

Ya kora lomar da ruwa. Ya ce gobe zai je gida ya gaya mata. Goben ta zo aka yi rasuwa a unguwa, jibi wuta ta ɗauke aiki ya taru masa. Dalili dai ba ya ƙarewa ga wanda ke nemansa. Ranar intabiyun shi da kansa ya ɗauke ta a babur, ya miƙa mata kwafin sibin a cikin ambulan da ya liƙe bakinsa, wai don kada ya yi datti. Daga Aboabo zuwa Jisonayili tafiyar 'yan mintuna ce, kuma sau uku yana buɗe baki a hanya. Na farko wani mai keke-napep ya shigo gabansu. Na biyu ita ce ta yi magana, tana maimaita yadda za ta ba su labarin jan ƙyallen. Na uku suna ƙofar ofishin, ta sauka tana gyara mayafi, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah ya ba da sa'a, Yaya."

Ya zauna a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a tsallaken ofishin. Ya lallashi kansa cewa sau nawa ya tura mutane da irin lambar nan ba a ko tambaye su ba. Minti arba'in da wani abu ta yi a ciki. Da ta fito ba ta dubi inda yake ba sai da ta zo daf da babur ɗin, ambulan ɗin a buɗe a hannunta.

"Mu tafi," ta ce.

Sai da suka wuce gidan mai ta taɓa kafaɗarsa ya tsaya a gefen titi. Ta sauka ta tsaya a gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Su uku ne a ciki. Akwai wani Mista Yidana, shi ke duba lissafin ayyukansu. Ya ce, Madam, wannan sittin da uku naki ya burge mu, da me kuka auna? Na ce wane sittin da uku? Ya juyo mini takardar ya sa yatsa a wurin. Imoru, a gaban mutane na karanta tarihin aikina karo na farko, ina haɗa baƙi kamar 'yar aji ɗaya."

"Yaya..."

"Bari in gama. Ya ce wa ya ɗauki awon farko, a wane wata. Na ce babu wanda ya ɗauka. Ya ce to mata ɗari huɗu da goma sha biyun fa? Na ce ko jarirai aka haɗa ba na jin matan rugagen nan sun kai haka. Matar da ke tsakiya ta ajiye bironta. Sai suka ce, to wa ya rubuta?"

Imoru ya sunkuyar da kai yana kallon tankin babur.

"Na ce sa hannuna ne a ƙasa, don haka nawa ne. Sai na roƙe su su bar ni in faɗi abin da na yi da bakina, suka bar ni. Shi ke nan. Kai ni gida, rana ta yi."

Ta hau, ya tayar da babur. A ƙofar gida ta ce ya gaida matarsa, kamar kullum.

Kwana tara bayan haka saƙo ya shigo wayarta cewa ba a ɗauke ta ba. A bakin ɗiyarta ya ji, ita ba ta kira shi ba. Ranar ya kasa aiki. Wani saurayi ya zo da sibinsa yana cewa abokinsa ne ya turo shi, an ce a nan ake sa wa takarda gishiri. Imoru ya ce masa firinta ta lalace. Kunya ce ta cika shi, da wani abu da ya fi kunya ciwo: ya san ba lambar kaɗai ba ce laifinsa. Baƙon da bai san sunan ubansa ba yakan zaunar da shi ya shirya shi, amma matar da ta raine shi ya kai ta ƙofa da ambulan a liƙe ya yi mata addu'a.

Washegari ya buɗe aljihun tebur ya tono fallen nan biyu daga ƙarƙashin tsofaffin rasit, ya hau babur ya nufi Jisonayili. Ya jira awa guda a benci kafin Mista Yidana ya fito. Dogon Badagombe ne mai furfura a gemu, da Hausar kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji. Imoru ya gaishe shi da Dagbani, ya faɗi ko shi wane ne, sannan ya faɗi abin da ya yi tiryan-tiryan, yana miƙa masa fallen. Yidana ya tsaya a nan barandar ya karanta su duka biyun, bai yi sauri ba.

"Wannan shi ne ya kawo maka?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Ni na canja. Ita ba ta sani ba, wallahi."

"Na yarda. Tun a ciki na gane, fuskanshi ya nuna." Ya ninke fallen a hankali. "Ka san mun kira Hajiya Sherifa? Yayanka ya ba mu lambanshi da baki. Hajiya ya riƙe ni a waya minti ashirin. Ran Asabar ina wucewa ta bayan Sagnarigu na tsaya a ruga ɗaya, na ga shanu biyu da jan ƙyalle a ƙaho. Shekara nawa ina wannan aiki, abin da ake ci gaba da yi bayan mota ya daina zuwa bai da yawa. Cikin mutum shida da muka gani, babu mai abu kaman wannan."

"To, ranka ya daɗe, in haka ne, tunda ga ni na zo..."

"Malam Imoru, fayil ɗin ba a nan yake tsayawa ba, yana zuwa wajen masu ba mu kuɗi. Takarda ya ce sittin da uku, mai takarda ya ce babu awo, sa hannunshi yana ƙasa. Dokanmu ɗaya ne a kan wannan, ni ban iya taɓa shi. Kuma aikin da muke ba shi, rabi rahoto ne, mu zauna a ofis mu yarda da abin da ya rubuto daga daji. Madam shugabanmu ya ce mutumin da ya sa hannu a abin da bai karanta ba, yaya za mu yi da rahotonshi? Ban samu amsa ba. An riga an ba wani, ya fara Litinin."

Imoru ya tsaya, hannuwansa a sake. Yidana ya miƙa masa fallen, ya ɗan buga su da yatsa.

"Wa ya ce maka lamba muke ci? In akwai lamba na gaske, a kawo, muna so. Ruga tara lamba ne, shekara uku lamba ne. In babu awo, mutum ya faɗi yadda ya tarar da wuri, abin da ya yi, yadda ya bar shi, da wanda za a kira a tambaya. Wannan biyu da ya ce sun ƙi, shi ya sa na yarda da bakwai. Duk ya rubuta maka, kai Turanci kawai aka ce ka miƙe."

Da yamma ya je gidanta. Ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi ɓarna. Ya gaya mata inda ya je da abin da aka ce, bai rage ko ɗaya ba, har maganar cewa ita ce ta fi kowa. Ya so ya ɓoye wannan, ya ga ɓoyon ya isa haka. Hannunta ya tsaya a cikin faifan na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da tsinta.

"Ya ga ƙyallen da idonsa?"

"Ya gani, Yaya. Shanu biyu."

"To, alhamdulillahi, ba su daina ba." Ta hure ƙaiƙayi daga tafin hannunta. "Na yafe maka, Imoru, tashi, gwiwarka za ta yi ciwo. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ka karanta aikina na shekara biyar ka ga bai isa a nuna wa mutane ba."

Haka ne kuwa. Ya so ya ce ƙauna ce ta sa shi, kuma da ƙaunar a ciki, amma ranar da ya karanta fallen nan kunyar jan ƙyallen ya ji.

Tun daga nan Imoru ya daina sa lamba. Kada a ɗauka ya zama waliyyi, wasu masu zuwa sun ragu kuma yana ƙorafi a kai kamar kowa. Yanzu in ka kawo masa sibi sai ya ishe ka da tambaya: yaya ka tarar da wurin, me ka canja, wa zai shaida? Wasu su amsa, wasu su tattara takardunsu su nemi wani shagon. Mulikatu kuwa ta koma dama fura a ƙofar gida, a zaune, ɗiyarta na kai wa masu shaguna. In ya biya ta wurin takan zuba masa a kofi ta tambayi yara. Ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, shi kuma kullum da abin a ransa yake hawa babur ya sauka.

Bayan wata biyar, ana tsakiyar damina, wata sanarwar ta fito. Ƙaramin aiki ne, na wata shida, a can wajen gari, bai kai rabin wancan ba. Ranar Laraba da safe sai ga ta a ƙofar shagon da lema a hannu. Wani daɗi ya rufe shi, don ya ɗauka ba za ta sake kawo masa takarda ba har abada. Ta zauna a kujerar baƙi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta buɗe jaka ta ciro sabon tabarau mai baƙin firam ta sa.

"Fallen nan nawa suna wajenka?"

Ya ciro su daga cikin wata leda da ya adana su. Ya buga mata kalma bayan kalma, da rugage tara, da Hajiya Sherifa da lambar wayarta, da jan ƙyallen, da biyun da suka ƙi, da layin da ke cewa ba a auna ba. Turancin kaɗai ya miƙe, kuma duk inda ya canja kalma sai ya juyo ya gaya mata. Yau kam yana duban yatsunsa. Da firinta ta fitar da takardar ya miƙa mata da hannu biyu. Ta sa yatsa a layin farko ta bi shi har ƙasa tana motsa leɓe, ta koma sama ta sake bi. Shi yana tsaye yana jira, ruwa na ɗiga daga bakin kwanon shagon.

"Ya yi," ta ce. "Sannu da aiki."

"In tura yanzu, Yaya? Ga fom ɗin, sai ki sa hannu."

"Tukuna."

Ta sa takardar da fallenta biyu a leda, ta buɗe lema, ta tattare zaninta saboda taɓo. Ya bi ta da ido ta ƙofar shagon tana ratsa tsakanin baburan nan da aka ajiye a karkace. Ta tsaya a bakin titi ta bar wata motar itace ta wuce, sannan ta tsallaka ta shiga shagon Zuleiha. Daga inda yake yana hango su. Zuleiha ta karɓi takardar ta fara karanta mata a bayyane, Mulikatu kuma ta shimfiɗa fallenta biyu a cinya tana bi da yatsa.